Riba kashi 25: a kan kuɗin saye ko a cikin kuɗin sayarwa?

Idan maigida ya ce wa yaron shagonsa "ina son riba kashi 25 cikin 100", maganar ba ta ƙare ba sai an san kashi 25 na mene ne. Ƙa'idoji biyu ne, kowace da farashinta.

A ce ɗan kasuwa ya sari albasar Galmi ya kawo Tahoua. Buhu ɗaya, da kuɗin mota da na 'yan dako, ya tsaya masa sefa 12,000. Ƙa'ida ta farko ita ce ɗori a kan kuɗin saye: kashi 25 na 12,000 shi ne 3,000, sai a sayar 15,000. Yawancinmu haka muka saba.

To amma da yamma, in maigida ya ƙirga cinikin, 15,000 ce a hannunsa, ribarsa a ciki 3,000. Wannan ɗaya bisa biyar ne, wato kashi 20. Ba a ci masa ko dala ba, ma'aunin ne ya sauya. Da safe an auna ribar da 12,000, da yamma an auna ta da 15,000, kuma kuɗin sayarwa ya fi na saye yawa muddin akwai riba.

Wanda yake son kashi 25 na cinikin kansa ya zama riba, ta wata hanya zai bi. In riba ta ɗauki 25 cikin 100 na farashi, saura 75 ke nan na uwar kuɗi. Don haka 12,000 ɗin nan ita ce kashi 75. A ninka ta da 100, a raba da 75, a samu 16,000. Riba 4,000, rubu'in farashin daidai. In aka auna ta da kuɗin saye kuwa, sulusi ce, kashi 33 da ɗan ɗoriya. Tazarar 1,000 ce a buhu. A buhu 100 ta zama 100,000.

A ganina ƙa'ida ta biyu ta fi kare ɗan kasuwa, domin la'adar dillali da ragin da mai saye ke nema galibi a kan kuɗin sayarwa ake yanke su. Wanda ya ɗora kashi 25 ya sa 15,000, sannan albasa ta fara tsiro ya rage kashi 25 yana zaton ya koma uwar kuɗinsa, 11,250 zai karɓa. Ya faɗi da 750 a kowane buhu. Ragin da zai maido shi 12,000 kashi 20 ne kawai.

Ɗori ba shi da iyaka, ana iya ɗora kashi 100 ko 300. Ribar cikin farashi kuwa ba ta kaiwa 100 matuƙar da kuɗi aka sayi kayan. Ko an ninka buhun ya koma 24,000, rabin cinikin ne riba, kashi 50.