Wasan taubasai a bainar jama'a: ina iyakarsa?

Taubashina ya zo shagona a kasuwar Gadarif, ya ce wa masu sayayya ni bawansa ne, har ya ƙara da cewa kayan shagon duk na bashi ne. Na yi fushi, a gida aka ce ba a fushi da taubashi. Haka ne?

Ɗan'uwa, magana biyu ya yi maka, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Ta farko tsohon wasa ne tsakanin ɗan mace da ɗan namiji, kowa na iƙirarin shi ne ubangida. Abin da ke sa a yi dariya shi ne kowa ya san ƙarya ce. Haka kaka ke ce wa jikanta "mijina, ina cefane?", haka Bafulatani da Babarbare ke yi. Ta biyun kuwa, in da gaske ana bin ka bashi, ta fita daga wasa ta zama tonon asiri. Mai kawo maka kaya yana iya ji, gobe ya ƙi ba ka sai da kuɗi hannu. Gorin abin da yake gaskiya kuma yana yi wa mutum ciwo, kamar rashin haihuwa, mutuwar aure, nakasa ko karayar arziki, zagi ne ko da an faɗe shi ana dariya. Uwa kuwa ba a ma taɓa ta.

To ta farkon ba laifi ke nan?

A tsakar gida ko wurin suna, babu. Za ka rama, 'yan'uwa su tafa, a wuce. Amma wanda ya zo sayen sukari a shagonka bai san taubasantaka ba. Kuma a nan Sudan, kiran mutum bawa magana ce mai nauyi da ke taɓa asali, an sha yin faɗa a kanta. Shi mai sayen zai ɗauke ta da gaske, kai kuma ba damar ramawa kana kan awo. A ganina, wasan da ɗaya ba zai iya ramawa ba ya riga ya karkace. Shi ya sa ba a yi da suruki, kuma maigida ba ya yi da yaron shagonsa.

Ya zan gane na wuce gona da iri, in ni ne mai tsokanar?

Dubi abokin wasan, kar ka dubi masu dariya. In ya daina ramawa, ya yi murmushin yaƙe, ya ɗau waya yana latsawa ko ya ce "to, na gode", tsaya nan. Laƙabin da ya ce ba ya so ma a bar shi. Aya ta 11 a Suratul Hujurati ta hana jifan juna da miyagun laƙabai.

Me zan ce masa?

Ku keɓe, ba a gaban yara ba. Ka ce: "A gida kira ni abin da ka ga dama, zan rama. Shago da zancen bashi kuwa, a bar su." In ya sake, kai maganar wurin iyayen da suka haɗa ku, wato kawu ko gwaggo.