Mene ne "ribas dayet", kuma me ya sa ba izinin komawa gidan jiya ba ne?

Daga ɗakunan motsa jiki na Samaru zuwa na Sabon Gari, duk wanda ya gaji da ƙuntata wa cikinsa sai ka ji ya ce ya shiga "ribas dayet", alhali tsire da lemon kwalba ya koma wa. An cakuɗa abu biyu ne. Hutun rage ƙiba shi ne mutum ya dakata mako ɗaya ko biyu a tsakiyar tafiya, yana cin daidai abin da jikinsa ke ƙonawa, sannan ya ci gaba. Ribas dayet kuwa sai an gama rage ƙibar ake yin sa: ƙara abinci kaɗan-kaɗan har nauyi ya tsaya cak.

A ina za a tsaya? Nan ake tafka kuskuren. A ce magidanci ya sauko daga kilo 95 zuwa 80 a wata shida yana cin kalori 1,800 a rana, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke bai wa jiki. Da can 2,600 ke riƙe nauyinsa, yanzu bai wuce 2,300 ba, domin ƙaramin jiki ba ya ƙona abin da babba ke ƙonawa, kuma doguwar yunwa na rage wa mutum kai-kawo ba tare da ya lura ba. Idan ya koma tsohon kwanonsa, rarar 300 ce kullum. Kilo ɗaya na kitse kusan kalori 7,700 ne, ke nan kilo guda duk wata, ga kuma yunwar da ta fi ta da ƙarfi.

Masu cewa a ƙara 50 duk mako har jiki ya "gyaru" sun wuce gona da iri. Giɓin 500 da ke tsakanin 1,800 da 2,300 zai ci mako goma, mutum na nan cikin yunwa, kuma wannan jan ƙafar ba ya mayar da jiki mai kilo 80 ya ƙona na mai 95. Gara ya ƙara 200 a makon farko, sannan 150 sau biyu. Ƙarin ya fito daga tuwo, shinkafa ko dankali, ba daga suya ba, don babban cokali ɗaya na man gyaɗa ya kai kalori 120. Wake, ƙwai, kifi da nono su zauna yadda suke, ɗaga ƙarfe da tattaki ma haka.

A makon farko sikeli zai iya hawa da kilo ɗaya ko biyu. Ba kitse ba ne: sitacin da tsoka ke ajiyewa yana riƙe ruwa kusan ninki uku na nauyinsa. Ya riƙa hawa sikeli kowace safiya kafin karin kumallo, ya fitar da matsakaicin mako. Idan bayan mako uku matsakaicin na ta hawa, ƙugun wando kuma ya soma matsewa, ya zarce, sai ya rage 100 zuwa 150. Mai shan maganin ciwon suga ya fara ganin likitansa kafin ya ƙara sitaci.