Ƙidayar Kolifom a Gwajin Ruwan Sha

Ƙidayar kolifom hanya ce ta gano ko kashin mutum ko na dabba ya shiga ruwan sha. Kolifom rukuni ne na ƙwayoyin bakteriya masu siffar sanda waɗanda ke narkar da laktos, wato sukarin madara, su fitar da tsami da iska idan aka ajiye su a zafin digiri 35 zuwa 37. Akasarinsu ba sa sa cuta. Ana neman su ne domin suna da yawa a hanji, suna da sauƙin raino a ɗakin gwaji, kuma duk hanyar da suka bi suka isa ruwa, ƙwayoyin kwalara, taifot da atuni za su iya bin ta. Neman kowace cuta ɗaya bayan ɗaya yana da tsada da cin lokaci, ga shi kuma ƙwayar cutar tana iya kasancewa a rijiya yau, gobe babu ita.

Rukuni uku da bambancinsu

Kolifom baki ɗaya sun haɗa da Escherichia, Klebsiella, Enterobacter da Citrobacter. Da yawa daga cikinsu suna rayuwa a ƙasa, a ruɓaɓɓen ganye da cikin yauƙin da ke manne wa bututu, ba tare da sun taɓa ratsa hanjin kowa ba. Saboda haka samun su a ruwan rijiya ba hujja ba ce ta kashi. Amfaninsu yana wajen ruwan famfo da aka riga aka tace: idan suka bayyana, ko dai maganin bai kama ba, ko bututu ya fashe, ko tanki ya daɗe ba a wanke ba.

Rukuni na biyu su ne kolifom masu jure zafi, waɗanda ke ci gaba da girma a digiri 44 zuwa 44.5, inda sauran ke tsayawa. An daɗe ana kiran su kolifom na kashi, amma sunan ya fi ƙarfin gaskiyar, domin wasu nau'o'in Klebsiella na ƙasa da tsirrai ma suna jure wannan zafi, musamman a ƙasashe masu zafi.

Na uku shi ne Escherichia coli, ko E. coli, wanda likitan yara Theodor Escherich ya bayyana a 1885. Shi ne shaida mafi ƙarfi, domin yana iya kaiwa biliyan ɗaya a giram guda na sabon kashi, kuma ba kasafai yake hayayyafa a ruwa mai tsabta ba. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a sami E. coli ko kolifom mai jure zafi ko guda ɗaya a mililita 100 na ruwan da za a sha. Ma'aunin ruwan sha na Nijeriya da aka fitar a 2007 ma sifili ya gindaya a kan wannan.

Ɗibar samfuri

A nan aka fi lalata sakamako, tun kafin ruwan ya ga ɗakin gwaji. Ana amfani da kwalba mai faɗin baki da aka dafa a tukunyar tururi a digiri 121 na minti 15. Idan ruwan famfo ne mai kilorin, dole a zuba sodiyam tayosalfet, sinadarin da ke kashe ƙarfin kilorin, a kwalbar kafin a dafa ta, kamar mililita 0.1 na haɗin kashi 3 cikin ɗari ga kwalba mai cin mililita 120. Dalili shi ne kilorin ba ya daina aiki don an rufe kwalba. Zai ci gaba da kashe ƙwayoyin a hanya, sai gwaji ya ba da sifili alhali ruwan da ya fito daga famfon yana ɗauke da su.

Idan ruwan bututun ake son sani, ana cire tiyo ko tsumman da aka ɗaura a bakin famfo, a goge bakin da alkohol ko a lasa masa wuta in na ƙarfe ne, a bar ruwa ya zuba minti biyu zuwa uku, sannan a tara. Ba a cika kwalba maƙil, ana barin sarari don a iya girgiza ta daga baya, kuma ba a ajiye murfi a ƙasa ko a taɓa cikinsa. Idan kuwa abin da mutane ke sha ake son sani, to da gugan da suke ja da moɗar da suke ɗiba za a ɗebo, yadda suka saba. Tambayoyi biyu ne daban, kuma ya kamata a rubuta a jikin kwalba wadda ake amsawa.

Samfurin yana shiga kula mai ƙanƙara, a ƙasa da digiri 10, ba tare da ya daskare ba. An fi so a gwada shi cikin awa 6, kada kuma ya wuce awa 24. Kwalbar da ta wuni a bayan babur cikin zafin Afrilu tana iya nuna ƙari ko ragi, kuma babu hanyar sanin wanne ya faru.

Gwajin tacewa

Hanyar da aka fi amfani da ita a filin aiki ita ce tace ruwan ta wani siririn faifai mai faɗin milimita 47, wanda ƙofofinsa suke maikiromita 0.45. Ruwa yana wucewa, bakteriya suna maƙalewa a kai. Ana girgiza samfurin sosai, a zuba mililita 100 a mazurari, a zuƙe da ɗan famfon hannu, sannan a ɗauke faifan da hantsaki da aka ƙona bakinsa ya huce. Ana shimfiɗa shi a ɗan faranti, a kan wata takarda mai kauri da aka jiƙa da romon abincin ƙwayoyin. Shimfiɗawar tana son hannu: daga gefe guda ake kwantar da shi a hankali, domin duk inda kumfar iska ta maƙale a ƙasa, abinci ba zai kai ba, wurin zai fito fili babu tsiro.

Ba a jefa farantin cikin digiri 44 nan take. Ƙwayoyin da kilorin ko rana suka jigata suna mutuwa idan zafin ya same su farat ɗaya, don haka ake ba su kamar awa 4 a digiri 30 su farfaɗo, sannan awa 14 a digiri 44. Kowace ƙwaya mai rai tana hayayyafa ta zama ɗigo da ido ke gani. Idan romon abincin na lauril salfet ne, ɗigon kolifom mai jure zafi rawaya ne, saboda tsamin da ya fitar ya sauya launin romon. Masu ruwan hoda ko marasa launi ba a ƙirga su. Ana karanta farantin cikin 'yan mintoci da fitowarsa, domin rawayar tana dusashewa idan ya huce.

Zafin inkibeta, wato akwatin da ake ɗumama farantin a ciki, shi ne ginshiƙin gwajin gaba ɗaya. Idan ya sauka zuwa digiri 41 ko 42, ƙwayoyin ƙasa za su tsiro a ɗauke su na kashi. Idan ya haura 45, E. coli kansa zai kasa girma, sai gurɓataccen ruwa ya fito da sifili, wanda ya fi haɗari. Inda wuta ke ɗaukewa cikin dare, farantin da ba a san zafin da ya kwana a ciki ba, zubar da shi ake yi a sake.

Misali na lissafi

A ɗauka an ɗebo ruwa daga rijiyar haƙa marar murfi, kwana guda bayan ruwan sama, kuma akwai masai kusa da ita ta tudu. Tunda ana zaton ƙwayoyin suna da yawa, ana tace kashi uku: mililita 100, mililita 10, da mililita 1. Ƙananan biyun ana fara zuba musu dafaffen ruwan tsarma a mazurari, don ƙwayoyin su bazu a kan faifan maimakon su taru wuri guda. Ana kuma tace dafaffen ruwan shi kaɗai a faranti na huɗu, a matsayin shaida.

Washegari farantin 100 ya cika, ɗigo sun haɗe ba sa ƙirguwa. Na 10 ya ba da rawaya 34, na 1 ya ba da 4, na shaida kuma fes. Faranti mai ɗigo tsakanin 20 da 60 shi ne abin dogaro, don haka na 10 ake ɗauka:

```
(34 ÷ 10) × 100 = 340
```

Sakamakon shi ne 340 a mililita 100. Farantin 1 yana nuni da 400, wanda bai yi nisa ba, amma ɗigo huɗu sun yi kaɗan a gina hukunci a kansu, ɗaya ya ƙaru ko ya ragu sai lissafin ya motsa da ɗari guda. Da farantin shaida ya fito da ko ɗigo ɗaya, duk gwajin ranar ya tashi, domin kayan aikin ne ke ɗauke da ƙwayoyin.

A rabe-raben da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar don ƙananan hanyoyin ruwa na karkara, 1 zuwa 10 haɗari ne kaɗan, 11 zuwa 100 matsakaici, 101 zuwa 1000 babba, sama da haka kuma mai tsanani. Wannan rijiya tana aji na uku. Lambar ba ta faɗin ta ina kashin ya shiga, sai an je an duba: tsagewar daɓen bakin rijiya, kwatamin da ke kwance a gefe, igiyar guga da ake yarwa a ƙasa inda awaki ke yawo, da nisan masai. Zuba kilorin ba tare da toshe hanyar ba yana sauke lambar na 'yan kwanaki ne kawai.

Akwai kuma hanyar garin magani mai sauya launi, wadda ake zuba wa mililita 100 a ajiye awa 24 a digiri 35. Ruwan yana zama rawaya idan akwai kolifom, yana kuma ƙyalli a ƙarƙashin fitila ta musamman idan akwai E. coli. Ta fi dacewa da ruwa mai laka, wanda ke toshe faifan tacewa, sai dai ta fi tsada.

Abin da sifili ba ya nufi

Samun E. coli hujja ce mai ƙarfi, rashin samunsa kuwa hujja ce mai rauni. Mililita 100 bai kai rabin ledar fiya wata ba, kuma yana ba da labarin lokacin da aka ɗebe shi ne kawai. Rijiyar da ta ba da sifili a watan Maris tana iya ba da ɗaruruwa a Agusta. Burtsatse na iya fitowa da sifili, amma randar da aka zuba ruwansa ta fito da hamsin, saboda hannu da moɗa.

Babban giɓi shi ne kilorin yana kashe E. coli da sauri fiye da wasu masu sa cuta. Cryptosporidium, wata ƙwayar cuta mai sa gudawa, yana jure kilorin da ake sa wa ruwan sha. Giardia, wadda ita ma take sa gudawa, da wasu ƙwayoyin bairos ma sun fi E. coli taurin rai. A birnin Milwaukee na Amurka a 1993, Cryptosporidium ya kwantar da mutum kusan 400,000 ta ruwan famfon da ya cika sharuɗɗan kolifom na lokacin. Alamar da ta nuna matsala ita ce gurɓacewar hasken ruwan da ke fita daga matatar. Shi ya sa a ruwan da aka tace ba a karanta ƙidayar ita kaɗai: ana haɗa ta da awon duhun ruwa da awon kilorin da ya rage, wanda ake so ya kai miligiram 0.2 zuwa 0.5 a lita a bakin famfo. Waɗannan biyun ana samun amsarsu nan take, ƙidayar kolifom kuwa sai an kwana, lokacin da an riga an sha ruwan da aka gwada.