Jar butar mai a dashbod: tsaya, ka kashe inji

“Wata jar fitila mai kamar buta ta kama ina cikin tafiya. Gida bai fi tafiyar minti biyar ba, in ƙarasa?”

A'a. Kunna sigina, ka sauka gefen titi inda ba za a buge ka ba, ka kashe inji. Sai mota ta tsaya cak za ka murɗa makulli, don idan ka kashe ta tana tafiya sitiyari zai yi nauyi, birki kuma ya yi tauri. Minti biyar ɗin nan da kake rainawa, injin da ke juyi 3,000 a minti zai yi juyi 15,000 a cikinsa, ƙarfe na cin ƙarfe. Gidan yana nan, ba inda zai je.

“Ai cewa take mai ya yi ƙasa ko? Idan na samu wuri zan ƙara.”

Wannan fahimtar ce ta fi kashe injuna, kuma na gaji da gyara ta. Jar buta ba yawan bakin mai take aunawa ba, matsinsa take aunawa. Motocin da ke gargaɗin raguwar mai suna yi ne da ruwan ɗorawa, ko da rubutu, wannan kam yana ba ka lokaci. Ja kuwa tana nufin man ba ya isa inda ake buƙatarsa da ƙarfin da ya kamata. Ƙarewar mai tana jawo haka, gaskiya ne, amma kwano yana iya zama cike taf fitilar ta kama.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne ɗan suwic ɗin da ke kunna ta ba mai saurin kai ƙara ba ne. Ma'aunin da ake auna matsi da shi sunansa “ba”. A motoci da yawa sai matsi ya faɗi ƙasa da kusan rabin ba ɗaya yake motsawa, alhali inji mai lafiya a kan hanya yana aiki da ba uku zuwa huɗu. Wato kafin ka ga ja, abin ya riga ya yi nisa.

“Oga, wai me matsin yake yi ne? Ba dai mai ya jiƙa ƙarfe ba shi ke nan?”

Da jiƙawa ce kawai da ba a wahalar da kai wajen sa famfo ba. Bakin mai yana kwance a kwanon da ke ƙasan inji. Famfon mai yana zuƙo shi ta wata 'yar rariya, ya tura shi cikin filta, daga nan ya bi ƙananan hanyoyin da aka huda a jikin bulok. Wurin da ya fi muhimmanci shi ne karanshaf, sandar nan da fistoci ke juyawa. Tana kwance a kan metal, wasu siraran ɓawo masu fuska mai laushi, kuma akwai irinsu a gindin kowane konrod, wato sandar da ke haɗa fistan da karanshaf.

Tsakanin karanshaf da metal akwai rata wadda ba ta cika wuce 0.05 na milimita ba, ba ta ma kai kaurin gashin kai ba. A cikin wannan ratar mai yake zama. Karanshaf tana juyi tana jan man ƙarƙashinta, sai ta hau kansa ta yi iyo, ba ta taɓa metal sam. Duk dukan da fistan ke saukarwa idan fetur ya fashe, wannan siririn man ne ke tare shi. Sai dai man ba ya zama, yana tsiyayewa ta gefe kullum, yana tafiya da zafi. Aikin matsi shi ne ya riƙa cika gurbin wanda ya fita, ba tsayawa.

Idan matsi ya faɗi, ratar ta bushe. Karanshaf ta zauna a kan metal tana gurzarsa sau hamsin a daƙiƙa ɗaya. Fuskar mai laushi ta yi zafi, ta narke, ta shafe. Rata ta buɗe, ɗan man da ya rage ya ƙara samun hanyar gudu, matsi ya ƙara faɗuwa. Daga nan za ka ji ƙwanƙwasa daga ƙasan inji, ƙwas ƙwas ƙwas, tana bin totur. Idan ka ci gaba, ko metal ya manne da karanshaf ya juya a mazauninsa, ko inji ya cije ya tsaya, ko konrod ya karye ya fasa bulok ya leƙo waje. Na sha ɗaga kwano in tarar da man yana walƙiya da garin ƙarfe kamar an barbaɗa masa ƙyalli. Wannan garin ya riga ya zaga ko'ina.

Saman inji ma yana shan wahala, don shi ne nesa da famfo, shi ya sa wani lokaci kamshaf, sandar da ke buɗe bawul-bawul, ke fara kaf-kaf tun kafin ƙasa ta yi magana. Mai turbo kuwa ya fi kowa shiga uku: sandar turbon tana wuce juyi 100,000 a minti, a kan mai ita ma take iyo.

“Kullum da safe idan na murɗa makulli tana kamawa. Na shiga uku?”

Ba ki shiga ba, Hajiya. Inji bai tashi ba, famfo bai juya ba, dole ta kama. Idan ta mutu cikin daƙiƙa biyu ko uku bayan tashin inji, lafiya lau. Ranar da kika murɗa makulli ba ta kama ba, ranar za ki nemi mai gyara, don mai gadinki ya yi barci.

“Na tsaya. Sai me?”

Ka ba shi kamar minti biyar man ya koma kwano. Motar ta kasance a wuri mai daidai. Zaro sandar awo, goge ta, mayar da ita har ƙarshe, sake zarowa. Leƙa ƙarƙashin mota ko akwai tsiyaya. Idan man yana ƙasa da alamar ƙasa, ƙara irin wanda littafin motar ya ce. Tsakanin alamun biyu yawanci kusan lita ɗaya ce, kada ka tuttula ya wuce ta sama. Tayar da inji, idonka a kan fitilar. Ta mutu nan take kuma babu baƙon sauti, lallaɓa ka kai a duba inda man ya tafi. Ba ta mutu ba cikin 'yan daƙiƙu, kashe, kira janwe.

“Tawa sai inji ya yi zafi ina tsaye a silo take ƙyaftawa. Da na taka totur sai ta ɗauke. Mai a cike yake, ba ƙara. Makanike ya ce suwic ne kawai. In ci gaba da hawa?”

To, wannan ce tambayar da ba na iya yanke mata hukunci daga nesa, kuma duk wanda ya yanke maka ba tare da ya auna ba, cinta yake yi.

Mai yiwuwa makanikenka ya yi gaskiya. Suwic ɗin yana tsufa, yana yoyo ta jikinsa, wayarsa tana iya gogewa ta taɓa bodi, duk suna kunna fitila a banza. Amma lura da yadda taka take yi: sai da zafi, sai a silo. Wannan shi ne daidai lokacin da matsi ya fi ƙasa a kowane inji, saboda mai ya tsinke da zafi, famfo kuma yana juyi a hankali. Lalatacciyar waya ba ruwanta da zafin mai ko totur. Don haka ina fi zargin matsin ne da gaske yake yawo a bakin iyaka.

Abin da ke kawo hakan yana da yawa, wasu masu sauƙi. Man da aka zuba yana iya zama ya fi wanda injin ke so tsinkewa, ko ya daɗe ya gaji, ko fetur ya zubo ya sirka shi, wanda za ka gane idan ka sansana sandar awo. Silo yana iya yin ƙasa fiye da kima. Inji yana iya zafi fiye da yadda ya kamata. Masu nauyin su ne famfo ya ci, ko bawul ɗin rage matsi ya maƙale a buɗe, ko metal sun cinye rata ta yi faɗi. Akwai kuma toshewar rariya da dasƙararren mai ko guntun gam, sai dai ita ta fi nuna kanta a juye, wato fitila ta kama lokacin da ka ba da wuta, domin a lokacin famfo ke neman mai da yawa ya rasa. Ban ce kullum haka take yi ba. Wadda ke ƙyaftawa a kwana ko idan ka taka birki da ƙarfi, ita kuma kusan kullum ƙarancin mai ne, ya karkata gefe rariya ta zuƙi iska.

Hanyar raba gardama ɗaya ce. A kwance suwic, a ɗaura agogon auna matsi a raminsa, a bar inji ya yi zafi sosai, a karanta a silo, a karanta a juyi 2,000, a gwada da abin da littafin injin ya ce. A sanyi ba a yin wannan awo, mai mai kauri yana rufa wa inji asiri.

Wani ya taɓa kawo mini mota da irin wannan ƙorafin, an riga an canza masa suwic sau biyu. Muka ɗaura agogo. Da sanyi allura ta hau ba huɗu, ya fara murmushi. Na ce ya jira. Bayan minti ashirin, a silo, allurar ta sauko ƙasa da rabin ba, a juyi 2,000 da ƙyar ta wuce ɗaya da rabi. Muka sauke kwano, rariya a buɗe take, amma metal sun cinye har jan ƙarfen ciki ya bayyana. Karanshaf ba ta riga ta ji ciwo ba, sai aka tsira da sabbin metal da famfo. Da ya ƙara 'yan makonni, da maganar wani injin ake yi.

To ka ci gaba da hawa? Idan wurin awon yana kusa, babu ƙara ko kaɗan, fitilar kuma tana ɗaukewa da zarar juyi ya ɗan hau, wasu za su lallaɓa su kai ta, kuma sau da yawa suna isa lafiya. Ba zan ba ka tabbacin haka ba. In motata ce, janta zan yi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ka mayar da ita motar zuwa aiki kana jiran ranar da za ka samu sarari.

“An ce in zuba mai mai kauri, fitilar za ta mutu.”

Tana iya mutuwa. Ratar da ta buɗe tana nan yadda take, kuma da safe man zai fi jinkirin isa sama. A tsohon inji, bayan an auna an san abin da ake ciki, akan yi haka don jan lokaci. Kafin awo, a'a.

“Wani ya cire mini wayar suwic ɗin, yanzu ba ta damuna.”

Malam, koma ya mayar da ita yau, kuma kada ka sake ba shi motarka.

“Na yi tafiyar kamar minti ɗaya da ita a kunne kafin in lura. Inji ya mutu ke nan?”

Kwantar da hankalinka, ba lallai ba. Ya danganta da ko matsin ya ɓace gaba ɗaya ne ko raguwa ya yi, da kuma irin gudun da kake yi. Bayan an gyara musabbabin, a juye man a faranti mai tsabta a duba shi a rana, a yanka tsohuwar filta a buɗe takardarta a nemi garin ƙarfe, sannan a auna matsi da zafi. Idan duka ukun sun fito da kyau kuma ƙasan inji shiru, hau abarka, amma ka sake juye mai da wuri a karo na gaba a ƙara dubawa.