Kifin gwangwani da abincin kwali a lokacin juna biyu: abin da rubutun jikin kaya ke nunawa

Kifin gwangwani na daga cikin abincin da likitoci ke ƙarfafa wa mai juna biyu ta ci, saboda furotin da aidin da kuma man omega-3 da ƙwaƙwalwar ɗan tayi ke buƙata. Abin da ake taƙaitawa wasu nau'o'in kifi ne kaɗan, kuma dalilin shi ne zaiba, wato sinadarin makuri. Matsalar ita ce ba a rubuta yawan zaiba a jadawalin sinadaran da ke jikin gwangwani. Ana gane shi ne ta hanyar abu biyu da ake rubutawa: sunan kifin, da nauyinsa bayan an tsiyaye ruwa ko mai.

Yadda zaiba ke shiga kifi

Ƙwayoyin cuta na cikin ruwa suna mayar da zaiba zuwa wani nau'i da ake kira metilmakuri, wanda ke maƙalewa a tsokar kifi. Ƙaramin kifi ya ci tsiron ruwa, babba ya ci ƙarami, haka sinadarin ke taruwa. Saboda haka kifin da ya fi girma, ya fi daɗewa a duniya, kuma yake farautar 'yan uwansa, shi ya fi ɗauke da shi. Dafawa ba ta cire shi, haka ma zubar da man gwangwanin, tunda a tsoka yake. Idan ya shiga jikin uwa yana ratsa mahaifa ya isa ga ƙwaƙwalwar ɗan tayi. An ga mummunan tasirinsa a Minamata ta ƙasar Japan, inda aka gano cutar a 1956: an haifi yara da naƙasar ƙwaƙwalwa alhali iyayensu mata ba su nuna wata babbar alama ba.

Sunan kifin

Kalmar "tuna" ita kaɗai ba ta isa ba, domin kifaye da yawa ne ke amsa wannan suna. Wanda ake rubuta wa skipjack, mai sunan kimiyya Katsuwonus pelamis, ƙarami ne mai saurin girma, kuma matsakaicin zaibarsa a ma'aunin hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, kusan mikrogiram 0.13 ne a kowane giram. Albacore, wato Thunnus alalunga, wanda ake sayarwa da sunan farin tuna, yana da kusan 0.35, wajen ninki uku ke nan. Abin mamaki, shi ne ya fi tsada, don haka tsada ba ta nuna aminci a nan. Thunnus obesus, mai manyan idanu, ya kusa 0.7, kuma yana cikin waɗanda ake cewa a guje musu gaba ɗaya.

A shawarar da FDA da hukumar muhalli ta Amurka, EPA, suka fitar a 2017 suka kuma sabunta a 2021, mai ciki za ta iya cin kifi mai ƙarancin zaiba sau biyu zuwa uku a mako, kowane ci kimanin giram 113. Sadin da salmon da skipjack duk suna cikin wannan rukuni. Albacore da wani nau'in tuna mai suna Thunnus albacares kuwa sau ɗaya ne a mako. Hukumar lafiya ta Birtaniya, NHS, ba ta bambanta nau'in ba, iyaka kawai ta sa: kada a wuce gwangwani huɗu na tuna a mako, kowane mai giram 140 bayan tsiyayewa.

Irin wannan ruɗani yana faruwa da makarel. Scomber scombrus da Scomber japonicus, waɗanda aka fi zubawa a gwangwani, zaibarsu kaɗan ce. Scomberomorus cavalla kuwa, babban makarel, yana cikin jerin waɗanda aka hana. Idan gwangwani bai faɗi nau'in tuna ba ko a jerin kayan haɗi, abin da ya fi dacewa shi ne a ɗauke shi a matsayin mai zaiba da yawa, a lissafa shi sau ɗaya a mako.

Misalin lissafi

A ɗauki mace mai nauyin kilo 60. Kwamitin haɗin gwiwa na Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya sa iyakar metilmakuri a mikrogiram 1.6 ga kowane kilo na nauyin jiki a mako, a shekarar 2003. Ga wannan mace, 96 ke nan. Ma'aunin EPA ya fi tsauri: 0.1 ga kowane kilo a rana, wato 42 a mako.

A ce gwangwaninta an rubuta nauyinsa giram 160, sannan a ƙasa da ƙananan haruffa an rubuta giram 112 bayan tsiyayewa. Lamba ta biyu ita ce ta lissafi, domin ragowar ruwa ne ko mai. Idan skipjack ne, 112 sau 0.13 ya ba da kusan mikrogiram 15, kenan gwangwani biyu ba su kai ko ma'auni mai tsaurin ba. Idan albacore ne, 112 sau 0.35 ya ba da 39, gwangwani ɗaya ya kusa cinye kason mako na ma'aunin EPA. Sadin mai irin wannan nauyi bai kai mikrogiram biyu ba. Waɗannan lambobi matsakaita ne, wani gwangwani kan fi wani, kuma wuce iyaka a mako guda ba abin firgita ba ne, sai dai a rage a makon da ke biye.

Umarnin ajiya

Kifin da aka rufe a gwangwani an dafa shi da zafin da ya kai wajen digiri 121, shi ya sa yake zama a kan kantar shago ba tare da sanyi ba. Kayan da aka rubuta a jikinsu cewa a ajiye a firji, kamar kifin da aka yi wa hayaƙi mai sanyi da yankakken naman leda, ba su sami wannan zafin ba. Ƙwayar cutar Listeria tana iya hayayyafa ko a cikin firji, kuma tana jawo ɓari ko haihuwa kafin lokaci, ko da uwar zazzaɓi kaɗan ta ji. Irin waɗannan sai an dafa su sun yi tururi. Madara da cuku masu laushi kuma a duba ko an rubuta cewa an gasa madarar don kashe ƙwayoyin cuta. Gwangwanin da ya kumbura, ko yake yoyo, ko ya lotse a bakin murfi, zubarwa ake yi ba tare da an ɗanɗana ba.

Hanta, kafeyin da gishiri

A jerin kayan haɗi, kalmar da ake nema ita ce hanta. Naman shafa burodi da aka yi da hanta, hantar kifi ta gwangwani da man hantar kifi duk suna ɗauke da bitamin A nau'in retinol mai yawa, wanda yawansa ke iya jawo tawaya a halittar ɗan tayi, musamman a watanni ukun farko. Beta-karotin na kayan lambu, wanda jiki ke mayarwa bitamin A, ba shi da wannan haɗarin.

Iyakar kafeyin da hukumomi da dama suka sa ita ce miligiram 200 a rana. A lemon ƙara kuzari galibi ana rubuta adadin ne a kan mililita 100, sai a ninka: miligiram 32 a kowace mililita 100 ya zama 160 a gwangwani mai mililita 500. Haka gishiri: idan sodiyam aka rubuta, a ninka shi sau biyu da rabi a sami nauyin gishiri, a kwatanta da giram biyar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ware wa baligi a rana. Ba kamar zaiba ba, wani ɓangare na gishirin kifin gwangwani yana tafiya idan aka tsiyaye ruwan aka ɗauraye kifin.