Ma'anar "gwajin kai" a karatu, da abin da ya sa kwafe taƙaitaccen bayani ba ya zama a ƙwaƙwalwa

Da zarar jarrabawar WAEC ko NECO ta matso, za ka ga ɗalibai sun duƙufa kan aiki guda: kwafa. Wannan ya ari littafin wancan, wancan ya ɗauko handawut ɗin malam, kowa na zuba taƙaitaccen bayani a sabon littafi da rubutu mai kyau, kanun darasi da jan biro, layi a ƙarƙashin muhimman kalmomi. Na sha duba irin waɗannan littattafai, kuma ina jin tausayin wahalar da aka sha a kansu, domin sau da yawa idan na rufe littafin na tambayi mai shi abin da ke shafi na uku, sai ya yi shiru ya ce, "Malam, wallahi na san shi, yana bakina."

Gwajin kai shi ne maganin wannan "yana bakina". Ma'anarsa mai sauƙi ce: ka rufe littafi, ka tambayi kanka, ka tono amsar daga ƙwaƙwalwarka, sannan ka buɗe ka duba ko ka yi daidai. Ba jarrabawa ba ce ta neman maki, kuma ba auna abin da aka riga aka sani kawai ake yi ba. Shi kansa ƙoƙarin tunowar shi ne karatun, domin duk lokacin da ka wahala ka ciro abu daga kanka, hanyar komawa gare shi ta ƙara faɗi.

Abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Almajiri ba ya wanke allonsa sai ya biya wa malam, kuma mai hadda ya san cewa duban takarda daban, kawo karatu da ka daban. Shi ya sa ake tilawa da tishi. Abin mamaki shi ne yaron da ya san wannan sarai a makarantar allo, idan ya zo kan darasin boko sai ya koma kwafa da maimaita kallo.

Me ya sa kwafa ke yaudara? Mai kwafa idonsa ne ke ɗauko jimla, hannunsa ya sauke ta, ba tare da ta bi ta cikin tunani ba. Mutum na iya kwafe shafi biyu cur yana sauraron rediyo, kuma wannan kaɗai ya isa shaida cewa aikin bai nemi hankalinsa ba. Bayan haka, idan ya sake karanta abin da ya rubuta, komai zai zo masa da sauƙi, domin ido ya saba da kalmomin. Wannan sauƙin ne yake ɗauka a matsayin sani. Amma gane abu idan ka gan shi daban yake da iya kawo shi idan babu shi a gabanka. Kana iya gane fuskar mutum a kasuwa nan take, sunansa kuwa ya ƙi zuwa. A ɗakin jarrabawa sunan ake tambaya, kuma farar takarda ce a gabanka.

Akwai kuma matsalar wanda ya yi taƙaitawar. Wanda ya zauna ya tace babi guda ya mai da shi layi goma ya yi tunani: ya zaɓi abin ɗauka, ya zubar da saura, ya san dalilin kowane layi. Wanda ya kwafa daga gare shi ya sami layukan ne babu dalilan da suka ɗaure su.

An gwada wannan a bincike. A shekarar 2006, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na Jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka sun ba ɗalibai gajerun rubuce-rubuce su karanta. A wani zagaye ɗalibi ya sake karanta rubutun karo na biyu, a wani kuma aka karɓe takardar aka ce ya rubuta duk abin da ya iya tunowa. Da aka gwada su bayan minti biyar, maimaita karatu ne ya yi gaba, kashi 81 cikin ɗari a kan kashi 75. Bayan mako guda sai lamarin ya juye: maimaita karatu ya faɗo zuwa kashi 42, tunowa da ka kuwa ya tsaya a kashi 56. Sakamakon minti biyar ɗin nan ne ya fi ɗaukar hankalina, domin shi ne ke bayyana dalilin da ya sa ɗalibai ba sa barin kwafa da maimaitawa. A daren da suke yi, da gaske yana aiki. Asarar sai daga baya take fitowa, lokacin da ba wanda zai danganta ta da hanyar karatun. A 2013 ma John Dunlosky da abokan aikinsa sun auna hanyoyin karatu goma, suka sa taƙaitawa da ja wa kalmomi layi da maimaita karatu a cikin masu ƙarancin amfani, gwajin kai da rarraba karatu a kan kwanaki kuma a sahun gaba.

To, ba cewa nake a jefar da littafin da aka sha wahalar rubutawa ba. Gyara shi za a yi. Bari mu ɗauki darasin zuciya da zagayawar jini. Ga irin abin da ɗalibi ke kwafa: zuciya na da ɗakuna huɗu, biyu a sama biyu a ƙasa, ɗakin ƙasa na dama na tura jini zuwa huhu, ɗakin ƙasa na hagu na tura jini zuwa sauran jiki, kuma bangonsa ya fi kauri, akwai marufai da ke hana jini komawa baya. Duk gaskiya ne, kuma ana iya karanta shi sau goma ba a taɓa tambayar kai komai ba.

Sai a ja layi daga sama har ƙasa a gefen hagu na shafin, a ware wajen santimita shida. Wannan tsari ne da Walter Pauk na Jami'ar Cornell ya fito da shi tun shekarun 1950. Idan shafin ya riga ya cika, a yi amfani da shafin da ke fuskantarsa. A wannan gefen za a rubuta tambayoyi, kowace a daidai layin da amsarta take.

A nan ne aikin yake, domin ba kowace tambaya ce ke da amfani ba. Ɗalibi zai fara da "Ɗakuna nawa zuciya take da su?" Ba laifi, amma wannan ba ta gwada komai sai lamba guda. Wani zai rubuta, "Shin bangon ɗakin hagu ya fi kauri?" Wannan ta fi muni, domin amsar na cikin tambayar, kuma ko da canke mutum zai dace rabin lokaci. Tambayar da ke aiki ita ce, "Me ya sa bangon ɗakin ƙasa na hagu ya fi na dama kauri?" Yanzu dole ɗalibi ya haɗa layi biyu da ya kwafa a rarrabe: na dama huhu kawai yake kai jini, ga shi nan kusa, na hagu kuwa sai ya tura jini har yatsun ƙafa, don haka yana bukatar tsoka mai ƙarfi. Idan littafin bai faɗi dalilin ba, to tambayar ta tona ramin da ke cikin taƙaitawar, sai a koma babban littafi a cike shi.

Sai a ƙara ta bin sawu: "Ɗigon jini ya baro ƙafa, bi shi har ya dawo ƙafar, ka faɗi kowane ɗaki da ya shiga." Amsar ita ce ɗakin sama na dama, ɗakin ƙasa na dama, huhu, ɗakin sama na hagu, ɗakin ƙasa na hagu, sannan jiki. Wanda ya iya wannan da ka ya fahimci cewa jini na ratsa zuciya sau biyu a zagaye ɗaya. Sai kuma ta "da a ce": "Me zai faru idan marfin da ke tsakanin ɗakunan hagu bai rufe da kyau ba?" Jini zai riƙa komawa ɗakin sama maimakon ya fita duka zuwa jiki. A ƙarshe a sa guda ta zane: "Zana zuciya ba tare da dubawa ba, ka sa sunaye da kibiyoyi." Tambaya huɗu ko biyar irin waɗannan sun wadatar a shafi guda. Tunda da Turanci za a rubuta jarrabawar, sunayen sassan a kawo su da Turancin, amma dalilin a fara faɗarsa da Hausa; wanda ya kasa bayyana shi da harshensa, kalmomi ya haddace.

Wajen gwajin, a rufe ɓangaren amsa da takarda, a rubuta amsar ko a faɗe ta da baki a fili. Amsawa a zuci ba ta isa ba, domin zuciya na saurin cewa "na sani" tun kafin jimla ta kammala. Idan amsa ta ƙi zuwa, a daure kamar rabin minti ana lalube kafin a buɗe. Sannan a duba, kuma dubawar wajibi ce, don kada kuskure ya zauna daram a kai. Kowace tambaya a yi mata alama da fensir: wadda aka ci, wadda aka kawo rabi, wadda ta gagara. Rabi ba ci ba ne, kuma a nan ne yawancin ɗalibai ke yi wa kansu sassauci.

Waɗanda suka gagara a sake su a ƙarshen zaman. Shafin gaba ɗaya kuma a koma masa washegari, sai bayan kwana uku, sai bayan mako, sai bayan mako biyu ko uku. Ba ƙa'ida ce da aka yanke ba. Abin nema shi ne a bar tazarar da za ta sa tunowar ta yi ɗan wuya. Wadda aka ci sau uku a ranaku daban-daban ana iya sassauta mata.

Akwai alamar da ke nuna gwajin ya fara lalacewa. Idan ɗalibi na kawo amsa tun kafin ya gama karanta tambayar, ko yana tuna cewa "ita ce ta ƙasan shafi ta dama", to wurin ya haddace. Sai a hargitsa jerin, a faro daga ƙasa, ko a ba aboki littafin ya riƙa tsallake-tsallake yana sauya lafazin tambayar. Tambayoyin shekarun baya ma na da amfani a nan, muddin an amsa kafin a leƙa amsar da ke bayan littafi.

Gwajin kai kuma yana da iyaka. Ba ya koyar da abin da ba a taɓa fahimta ba. Wanda bai gane dalilin zuwan jini huhu ba, malami ko littafi yake bukata tukuna. A lissafi da fizis kuwa, iya kawo ƙa'ida da ka somin-taɓi ne, ainihin gwajin shi ne a rufe misalin da aka warware, a warware shi daga farko, sannan a nemi wani mai lambobi daban. Ranar farko ɗalibi zai ga ya ci biyu ko uku kawai cikin goma a darasin da yake ganin ya gama da shi, kuma ransa zai ɓaci. Nakan ce masa ya rubuta wannan lambar da kwanan wata a saman shafin, ya rubuta wadda ya samu bayan kwana uku a gefenta.