Hukuncin kisa kan fashi da makami: abin da doka ta ce, kafin ɗalibi ya ce tana hana laifi

Yawancin ɗaliban da ke kawo mini tsarin maƙalarsu kan ko hukuncin kisa na hana manyan laifuka da magana ɗaya suke farawa: wai an soke hukuncin a Najeriya, shi ya sa 'yan fashi suka samu gindin zama. Ba a soke shi ba. Sashe na 33 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa haƙƙin rayuwa, amma ya ware wanda kotu ta yanke wa kisa, Kotun Ƙoli ma ta tabbatar da halaccinsa a shari'ar Onuoha Kalu a 1998. Abin da ya tsaya shi ne zartarwa. Sai gwamna ya sa hannu ake aiwatarwa, yawancinsu kuwa ba sa sawa. Na baya-bayan nan da aka sani a jihar Edo aka yi, mutum 4 a 2013, mutum 3 a ƙarshen 2016, alhali sama da mutum 3,000 na zaune a kurkuku suna jiran igiya. Mace mai ciki, da wanda ya yi laifin yana ƙaramin yaro, da mai taɓin hankali, doka ta yi musu tanadi daban.

Don haka shawarata ga ɗalibi ita ce ya buɗe maƙalarsa da dokar kanta, ya karanta ta da idonsa. Dokar fashi da makami, wadda asalinta dokar soja ce ta 1970 zamanin Gowon, ta raba laifin gida biyu. Fashi ba makami ɗaurin shekara 21 ne zuwa sama. Idan kuwa mutum na riƙe da bindiga ko wani makami, ko yana tare da mai riƙe da shi, ko ya ji wa wani rauni, to kisa ne, alƙali ba shi da ikon sassautawa.

Wannan "yana tare da" shi ne inda mutane ke ruɗewa. Ba sai an kashe kowa ba, ba kuma sai kai ne ka riƙe makamin ba. A tuna da matashin jihar Osun da aka yi ta yayatawa wai an yanke masa kisa saboda satar kaji. Ba kajin ne suka kai shi ba, tuhumar ta ce da makami aka shiga gidan, shi ya sa kotu ta yanke hukuncin a 2014. Sai a Disambar 2024 gwamna ya yi masa afuwa. Ni dai ban ga adalci a dokar da ta zuba mai adda a akurkin kaji da mai harbe matafiya a kan titi cikin kwando ɗaya ba.

A nan ne kuma maƙala mai kyau za ta daɗe. Ɗan fashi ya tare direba da bindiga, direban ya ga fuskarsa. Idan ya bar shi da rai, hukuncinsa kisa ne, ga kuma shaida ya bari. Idan ya harbe shi, hukuncin bai ƙaru ba, shaidar kuma ta tafi. To me dokar ta ba shi da zai sa ya ɗaga yatsa daga kunamar bindiga? Ɗalibin da ke goyon bayan hukuncin dole ya amsa wannan, kada ya tsallake.

Bayan haka sai tarihi. An yi ta harbe 'yan fashi a bainar jama'a a bakin teku a Legas, har da Ishola Oyenusi a 1971. Shekara 16 bayan nan aka harbe Lawrence Anini a Benin, fashin kuwa bai ƙare ba. Amma kada ɗalibi ya yi saurin cewa ya gama hujja. Bindigogi sun bazu bayan yaƙin basasa, birane sun cika, kuma babu mai iya ƙirga waɗanda tsoro ya hana.

Ɗaya ɓangaren ma a ba shi haƙƙinsa. Masanin tattalin arziki Isaac Ehrlich ya yi ƙiyasi a 1975 cewa kowane kisa da aka zartar a Amurka na iya ceton rai kusan 8. Sai dai a 2012 kwamitin majalisar bincike ta ƙasar ya duba irin waɗannan nazarce-nazarce, ya ce ba su isa su nuna hukuncin na rage kisan kai ko yana ƙara shi ba. Babban raunin shi ne ba su auna shi da ɗaurin rai da rai ba, alhali wannan ce ainihin tambayar: ko igiya na tsoratarwa fiye da dawwama a kurkuku.

Sashen ƙarshe na maƙalar ya koma kan kamawa. Mai shirin tare hanya da dare lissafinsa ɗaya ne, ko za a kama shi. Ɗalibi ya bi laifi guda daga ofishin 'yan sanda zuwa kotu zuwa teburin gwamna, ya nuna mana a wane mataki fayil ɗin ke maƙalewa.